Wane mai tsara lokaci za ka zaɓa wa aikin daidaita bayanai?

A ce sabar kamfaninku tana kan agogon Landan, kuma kullum da ƙarfe 1:30 na dare tana kwaso cinikin ranar zuwa rumbun bayanai. A Lahadin ƙarshe ta Maris, agogon Birtaniya yana tsallakewa daga 1:00 zuwa 2:00, don haka a daren nan babu 1:30 sam. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma yana komawa daga 2:00 zuwa 1:00, sai 1:30 ta zo sau biyu. Alamar ta farko ita ce rahoton safe ya fito fayau, ta biyu kuwa ciniki ɗaya ya shiga sau biyu. Kafin ka zaɓi manhaja, tambayi yadda take yi da waɗannan darare biyu.

Cron da ke zuwa da Debian da Ubuntu yana ƙoƙari. Idan ka sa masa takamaiman lokaci, yana gudanar da aikin da aka tsallake da zarar agogo ya sauya, kuma ba ya maimaita shi a Oktoba. Amma wannan kariyar ba ta shafi aikin da aka sa wa `*` a gurbin awa ko minti ba, kuma ba kowane cron ne ke da ita ba.

EventBridge Scheduler na AWS yana karɓar yankin lokaci. A Oktoba sau ɗaya zai gudu, amma a Maris tsallake aikin zai yi gaba ɗaya. Ga aikin da sai ya gudu kullum, wannan babbar illa ce, sai dai ka matsar da shi zuwa 4:00.

Ni dai na fi amincewa da UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, domin ba ya sauyawa. A Kubernetes, tun daga sigar 1.27, kana iya rubuta shi ƙarara a cikin CronJob ɗinka:

```
spec:
  schedule: "30 1 * * *"
  timeZone: "Etc/UTC"
  concurrencyPolicy: Forbid
```

Ga wanda ke Kano ko Maraɗi abin ya zo da sauƙi, tunda Najeriya da Nijar ba sa taɓa agogo: 1:30 a UTC kullum 2:30 ce a gida. Inda UTC ke gazawa shi ne idan kana jiran fayil da abokin hulɗa a Landan ke saki da agogonsa. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinku ɗaya da shi, sauran watanni yana bayanku da awa guda, sai aikinka ya riga fayil ɗin isowa. A nan sa `Europe/London`, ka kauce wa tsakanin 1:00 da 2:00.

Kowanne ka ɗauka, a gina aikin ya riƙa adana lokacin da ya tsaya a UTC, ya ci gaba daga nan maimakon kwaso "awa 24 da suka wuce", domin ranakun sauyin awa 23 ne da 25. Kowane ciniki kuma ya shiga da lambarsa ta musamman, ta yadda gudu na biyu zai sabunta layin da ke nan kawai.