Sharhina kan Zoom bayan na koya wa Gwaggo maɓallai uku

Gaskiya Zoom yana aiki da kyau wajen kiran 'yan uwa da yawa a lokaci guda, murya tana fita tas ko netwok bai cika ƙarfi ba, amma in dattijo za ka saka wa to ka sani babu Hausa a cikin yarukansa, kuma na kyauta in an kai minti 40 kiran yankewa yake sai an sake shiga. Gwaggona ba ta karanta Turanci, don haka da hoto da kala na koya mata, ga yadda muka bi.

Kafin ma a zo kan maɓallan, layin da suke a ƙasan sikirin ɓuya yake bayan 'yan daƙiƙu. Mu mun saba ba ma lura, amma ita sai ta ce wayar ta cinye su. Na ce Gwaggo ku taɓa tsakiyar sikirin sau ɗaya kawai za su dawo, taɓawa fa ba jan yatsa ba, domin in aka ja yatsa zuwa dama wayar tana shiga Safe Driving Mode, nan take makirfo da kyamara duk su mutu. In ka ji ta ce ta ga wani ƙaton da'ira an rubuta Tap to Speak, to can ta faɗa, ta ja yatsa hagu ta dawo.

Sai makirfo, shi ne na farko daga hagu, kuma a nan muka fi daɗewa. In ta shiga ta ga hoton abin sawa a kunne da rubutun Join Audio, ba ta haɗa sauti ba tukuna, ba ta ji kuma ba a jinta, sai ta danna ta zaɓi Wifi or Cellular Data sannan hoton makirfo ya fito. To abin da ke rikita mutane har da masu jin Turancin shi ne rubutun da ke ƙarƙashin maɓallin ba halin da kake ciki yake faɗa ba, abin da zai faru in ka danna yake faɗa. Wato in an rubuta Unmute a rufe kake, in an rubuta Mute a buɗe kake kowa na jinka. Shi ya sa na hana ta kallon rubutun kwata-kwata, na ce ku duba jan layi kawai, in jan layi ya ratsa makirfo ba mai jinku, in babu shi to ko tari kuka yi an ji. Ta ce “ashe jan ne mai rufa min asiri”, daga nan ba ta sake tambaya ba.

Kyamara tana kusa da shi kuma dokar ɗaya ce, jan layi na nufin ba a ganinki. Abin da na ƙara mata kawai shi ne rufe kyamara ba ya rufe murya, kowanne da nasa maɓallin, wannan sai da na maimaita sosai.

Share kuwa ra'ayina shi ne kar ka koya wa dattijo zaɓin Screen sai in dole. A wayarta kore ne mai kibiya tana kallon sama, in ta danna jerin zaɓi ke fitowa, Photo da Document da Screen da sauransu. In hoton jika take son nunawa Photo ya isa, hoton da ta zaɓa kaɗai za a gani. Amma Screen komai na wayar yake nunawa, saƙon da ya shigo, lambar sirrin da banki ya turo, duka a idon jama'a, 'yan damfara ma ta nan suke bi da tsofaffi. Na koya mata in ta ga wayar na tambayarta Start now ta danna Cancel, in kuma ya riga ya fara ta nemi jan rubutun Stop Share. In kai ne ka buɗe kiran ma kana iya hana kowa nuna sikirin sai kai, ka huta.

Abin da ya fi burge ni yana cikin Settings ɓangaren Meetings, ka kunna Mute My Microphone da Turn Off My Video, kullum za ta riƙa shiga a rufe ta gyara zama da mayafinta sannan ta buɗe da kanta. Ka yi mata wannan tun ranar farko, ka kuma zana mata makirfo da kyamara a takarda da jan biro, sannan ka kira ta daga wani ɗakin ta gwada da hannunta kana ji, kar ka riƙa karɓar wayar kana danna mata.