Manhajar auna ribar talla: ta iya ƙirga, amma kada ka bar mata wuƙar yanka

Na jima ina amfani da wata manhaja mai tattara alƙaluman talla wuri guda, kuma abin da ya fi burge ni shi ne yadda take raba gardamar ciniki. A da, kowane dandalin talla cewa yake shi ya kawo mai saye, in ka haɗa iƙirarinsu sai ya zarce abin da ya shigo aljihu. Ita kuwa alamar da ka liƙa a jikin adireshin kowane talla take bi, irin su `utm_source` da `utm_campaign`, ta ba kowane ciniki uba ɗaya. Sai dai ka kula da rubutun, domin babban baƙi da ƙarami kafa biyu take ɗaukarsu.

Babban adadin da ke allonta shi ne ROAS, wato kuɗin cinikin da talla ya kawo a raba da kuɗin da aka kashe masa. A nan na fara ganin gazawarta: ciniki take kallo, ba riba ba. Ribata kashi 40 ce cikin ɗari, don haka sai ROAS ya kai 2.5 kafin talla ya mayar da kuɗinsa. Wannan lissafi da hannu na yi shi, kuma kayan da aka dawo da su ma ba ta cire su.

Allon ya nuna tallan da ke fitowa in an rubuta sunan kasuwancina a wurin bincike yana da ROAS 9, tallan da ke bin waɗanda suka taɓa leƙo mu yana da 6, bidiyo kuma 1.8 da jan launi. Kowa ya gani zai ce a yanke bidiyo. Amma manhajar dannawar ƙarshe take ba lada. Mutum ya ga bidiyo, abin ya kwanta masa, daga baya ya rubuta sunanmu a wurin bincike ya saya, sai ladan duka ya tafi ga tallan suna, wanda tarar da shi kawai ya yi a bakin ƙofa.

Saboda haka na dakatar da tallan sunan na ɗan lokaci, ban taɓa sauran ba, na zuba ido a kan jimillar ciniki. Da kyar ta motsa, don masu neman sunan sun ci gaba da shigowa ta sakamakon kyauta da ke ƙasa. Da na gwada rage bidiyo kuwa, sannu a hankali masu neman sunan suka ragu. Tallan suna na fara yankewa, duk da 9 ɗinsa.

Kada a yi gwajin lokacin rangwame, kuma a jira ya wuce tsawon lokacin da mai saye kan ɗauka yana shawara. In abokin gasa yana saka talla a kan sunanka, sakamakonka zai iya bambanta da nawa.