Tururin Gaske Ko Na Ɗorawa A Hoton Abinci?

Masu gidajen abinci a Kazaure da Bichi sun sha tambayata: tururin da ke kan kwanon tuwo da miyar kuka a hoton allon abinci, na gaske za a ɗauka ko a ɗora shi daga baya?

Na gaske ba ya cin kuɗi, sai dai ba ya jira. A kwashe tuwon daga wuta, a rataya baƙin zane a bayansa, hasken taga ya zo ta gefe ko ta baya. Sanyin safiyar hunturu ya fi fito da shi. A zafin bazara da ƙyar ka gan shi.

Na ɗorawa kuwa, ka samu hoton tururi mai baƙin baya, ka aza shi a kan hoton abincin a manhajar gyaran hoto ta Photoshop ko PicsArt, ka zaɓi Screen a wajen haɗa hotunan, baƙin sai ya ɓace. Ka rage Opacity, wato kaurin tururin, ka goge gindinsa har ya zama daga cikin miyar yake tasowa. Nan mutane ke faɗuwa. Na ga hoton da tururin ya murtuke kamar hayaƙin ɗanyen itace, ga gefensa a yanke ƙiri-ƙiri, abin ya ba ni takaici.

Mai murhu a kusa ya ɗauki na gaske. Wanda tsohon hoto kaɗai ya rage masa ya ɗora.