PS4, kwamfutar gem ko na'urar riƙewa a hannu: abin da na gani bayan na yi amfani da su a Zariya

Ƙanena ne ya same ni a gida nan Hanwa da maganar ya tara kuɗi yana so ya sayi na'urar gem ta farko. Ya zo da bidiyoyi a waya, ana kwatanta kyan hoton PS5 da na kwamfuta. Na ce masa ya ajiye wayar tukuna ya gaya min awa nawa suke samun wuta a layinsu a Tudun Wada. Ya yi shiru yana lissafi, sannan ya ce, "Yaya, ai ba a iya cewa. Wani lokaci a kawo da tsakar dare, kafin asuba an ɗauke." Na ce to daga nan za mu fara, domin masu waɗannan bidiyoyin ba su san wannan matsalar ba.

Na yi amfani da duka ukun. PS4 Slim wadda aka taɓa amfani da ita na saya da farko, ta yi shekara biyu a ɗakina. Kwamfutar tebur ta wani abokina ce mai zanen gine-gine a Samaru, ta zauna a wurina wata huɗu lokacin da ya yi tafiya. Daga baya na sayi Steam Deck, wadda ake riƙewa a hannu kamar babbar waya, ita ce a wurina har yanzu.

Maganar wuta ita ce ta fi kowace nauyi, don haka bari in yi lissafin da gidana. Ina da inbata mai batir ɗaya, 12V 200Ah. A takarda zai ba da wat 2,400 na tsawon awa ɗaya. Amma batirin dalma irin wannan ba a so a sha fiye da rabinsa idan ana so ya daɗe, ita ma inbatar tana cin nata kason wajen juya wutar. Abin da ke zuwa hannuna bai wuce wat 1,000 na awa ɗaya ba. PS4 Slim tana jan kusan wat 90 idan ana cikin wasa, talabijin ɗina mai inci 43 kusan wat 70, fanka kusan 60. Jimilla 220 ke nan, wato awa huɗu da rabi kafin in kai iyakar batirin. Idan aka sa PS5 a madadinta, wadda ke jan wajen wat 200 a manyan wasanni, jimillar ta kai 330, awa uku kacal. Kwamfutar abokina mai katin hoto RTX 3060, katin shi kaɗai an rubuta masa wat 170, idan aka haɗa sauran kayan ciki da allo sai ta kai 300 da ɗoriya tun ba a kunna fanka ba. Kuma wannan batirin shi ne zai kunna fitilu da fanka har gari ya waye. Duk daren da na yi wasa da kwamfutar awa biyu, to iyalina da zafi za su kwana. Wannan kaɗai ya sa na rage kunna ta.

Steam Deck kuwa batirinta gaba ɗaya wat 40 ne na awa ɗaya, cajarta wat 45. Babban wasa yana cinye batirin cikin awa biyu ko ƙasa da haka, ƙananan wasanni sukan kai awa biyar zuwa shida. Ina da pawa bank mai 20,000mAh, yana cika ta sau ɗaya da kusan rabi. Sai dai a lura, ba kowane pawa bank ne zai yi ba, dole ya zama mai USB-C da aka rubuta wa PD 45W. Wanda bai kai haka ba zai iya nuna yana caji, amma batiri ya ci gaba da sauka ana cikin wasa.

Ba ƙarewar batiri ce kawai damuwar ba. Kafin in haɗa inbata, sau da yawa ana ɗauke wuta ina tsakiyar wasa a PS4. Idan aka dawo da wutar sai ta tsaya tana duba ma'ajiyarta kafin ta buɗe. Rana ɗaya aka ɗauke daidai lokacin da take adana inda na tsaya, wasan da na yi sati uku ina bi ya lalace, na koma farko. Na shiga Safe Mode na zaɓi Rebuild Database, na'urar ta dawo daidai, amma abin da ya lalace bai dawo ba. Wannan ba laifin na'urar ba ne, haka duk abin da ke rubutu a faifai yake idan aka yanke masa wuta. Wanda zai sayi ta gida irin PS4 ko kwamfuta, ya sa kuɗin UPS a cikin lissafinsa tun farko, ko da ƙarama ce da za ta riƙe minti biyar ya kashe a tsanake. Ta hannu ba ruwanta da wannan, a ɗauke a kawo, wasa na tafiya.

Da na kawo nan ƙanena ya ce to shi ke nan, ta hannun zai saya. Na tambaye shi wane gem yake so ya buga, kuma da wa. Ya ce ƙwallo mana, shi da abokansa. Nan shawarar ta juya.

Steam Deck tana aiki ne da SteamOS, wanda aka gina a kan Linux, kuma sababbin wasannin ƙwallo na EA Sports FC ba sa buɗewa a kansa saboda manhajar hana maguɗi da aka saka musu. Fortnite ma haka. Akwai masu ɗora mata Windows don su kauce wa wannan, amma wannan ba aikin mai sayen farko ba ne. Ko da wasan zai buɗe, allon inci 7 ne. Ƙwallo irin ta majalisa, wadda mutum biyu ke riƙe da fad, wato abin sarrafa wasan, huɗu na baya suna jiran wanda za a cire, tana son talabijin da tabarma. A nan PS4 ba ta da abokin gwaji a kuɗinta. Tun 2013 ta fito, Slim ɗin a 2016, amma har FC 25 an fitar mata. Fad ɗinta na ko'ina a kasuwa, masu gyaranta suna nan a PZ da Sabon Gari, kuma idan ka gama da faifan wasa za ka iya musanya da wani ko ka sayar.

Maganar faifai ta fi yadda ake zato muhimmanci, saboda data. Babban wasa ɗaya yakan kai 40GB zuwa 50GB, wasu sun haura 100GB. A kwamfuta da Steam Deck kusan komai sauke shi ake yi daga intanet, haka Xbox Series S wadda ba ta da wurin sa faifai kwata-kwata, duk da cewa ba ta cin wuta sosai. Steam, shagon wasanni na intanet, takan karya farashin wasanni ƙwarai a wasu lokutan shekara, na sha sayen wasa da kuɗi kaɗan, amma kuɗin datar sauke shi ya fi kuɗin wasan. Faifan PS4 kuwa yawanci ka sa shi ya loda ka fara, sabuntawa za ta iya jira muddin ba wasan intanet za ka yi ba. Wasan intanet ɗin ma, in ba a wasannin kyauta ba, sai an biya PlayStation Plus, da kuɗin waje.

Kwamfuta ba zan daɗe a kanta ba. Hotonta ya fi na sauran nesa ba kusa ba, kuma ana iya canza mata kaya ɗaya bayan ɗaya. Ga abokina ta dace, domin da ita yake cin abinci, gem ɗin ƙari ne. Ɗalibin ABU mai karatun zane ko injiniya wanda dole sai ya sayi kwamfuta mai ƙarfi, shi ma ya haɗa biyu a ɗaya. Amma a saye ta don gem kawai a gidan da babu sola, rabin ranakunta a kashe za ta yi su.

Sai ƙura da zafi. Lokacin hunturu ƙurar Zariya tana shiga ko'ina, kuma duk na'ura mai fanka tana zuƙar ta. PS4 ɗina bayan hunturun farko ta fara ƙara kamar injin markaɗe, sai da aka buɗe aka goge fankar da ƙarafunan sanyayawa. Tun daga nan na ɗaga ta daga ƙasa, ina rufe ta da ƙyalle idan tana kashe. Kamfanin Steam Deck da kansa ya ce ta fi aiki da kyau idan zafin wuri bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a Maris da Afrilu da rana muna wuce haka. A irin wannan lokacin takan rage gudu da kanta don ta kare cikinta, sai ka ga hoto na tsattsayawa. Da bazara sai dare nake ɗaukarta. Wani abin da ke damuna da ita shi ne ba a sayar da ita a Najeriya a hukumance, idan allo ya fashe ko batiri ya mutu, sai an yi odar kayan daga waje.

A ƙarshe PS4 Slim wadda aka taɓa amfani da ita muka tsayar, muka tafi tare. Mai shagon farko ya ce, "Malam, wannan an loda mata gem goma sha biyu, kyauta." Na ce ya nuna min yadda aka loda. Irin wannan iri biyu ne. Ko dai an buɗe na'urar ta bayan fage, wadda ba za ta shiga intanet ta yi wasa ba, ko kuma wasannin suna kan akawun ɗin wani ne. Na biyun ya fi haɗari, domin ranar da mai akawun ya janye izininsa, sai ka ga alamar kwaɗo a kan kowane wasa. Tasa ta biyun ce, muka bar ta.

A shago na biyu na ce a kunna mana wasa mai nauyi a bar shi rabin awa. Idan fanka ta tashi da ihu cikin minti biyar, ko allo ya rubuta The PS4 is too hot, to cikinta ya toshe ko man da ke kan ƙwaƙwalwarta ya bushe. Na duba tambarin da ke manne a bayanta don in san ko an taɓa buɗe ta. Na ɗan motsa wayar HDMI ana cikin wasa in ga ko hoto zai ɗauke, domin wannan ramin yana yawan lalacewa kuma gyaransa sai an yi liƙi da dalma. Muka sa faifai muka fitar sau uku. Fad ɗin kuwa na ajiye shi a kan tebur ba tare da na taɓa ba, ɗan wasan da ke allo ya ci gaba da tafiya hagu shi kaɗai, alamar sandar ta gaji ke nan. Mai shagon ya canza mana wani.

Kuɗin da ya rage masa, wanda da ya so ya ƙara ya kai ga PS5, ya sayi fad na biyu da UPS da faifai biyu. Wata biyar ke nan, an ɗauke musu wuta a tsakiyar wasa ba adadi, bai rasa komai ba tukuna. Tawa PS4 ɗin na sayar tun bara, domin ni yanzu wasana na mutum ɗaya ne, bayan sallar isha'i idan yara sun yi barci, kuma Steam Deck na biya min wannan ba tare da na taɓa batirin gidan ba.