Wane littafi za a fara saya don darasin yadda yara ke koyo?

Malamin da aka ɗora wa tsara darasi kan yadda yara ke koyo yakan tarar da littattafai sun fi ƙarfin aljihunsa da na ɗalibansa, kuma kowane littafi bangonsa na nuna cewa shi ne amsar. Hanyar da nake bi wajen tantancewa ita ce in ɗauki gwaji guda ɗaya sananne, in buɗe kowane littafi in ga yadda ya yi da shi, domin a nan ake gane wanda zai koya wa ɗalibi auna hujja da wanda zai ba shi abin haddacewa kawai.

Gwajin na Jean Piaget ne, masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan. Ana jera maɓallai layi biyu, a ce shida-shida, kowanne daura da ɗan'uwansa, a tambayi yaro ɗan shekara huɗu ko biyar ko yawansu ɗaya ne, ya ce e. Sai mai gwajin ya baza layi ɗaya a gaban idon yaron har ya fi ɗayan tsawo, ya sake yin tambayar. Yawancin yaran wannan shekaru sukan ce layin mai tsawo ya fi yawa, alhali ba a ƙara ko a rage komai ba. Piaget ya fassara wannan da cewa yaron bai kai matakin da zai gane cewa adadi ba ya canzawa don an canza siffar jeri ba, matakin da ya ce ana kaiwa wajen shekara bakwai.

Wanda yake son asalin maganar zai same ta a The Child's Conception of Number, wanda ya fito da Faransanci a 1941, da Turanci kuma a 1952. Amfaninsa shi ne hirarrakin da aka rubuta tsakanin mai gwaji da yara, inda ɗalibi zai ji amsar yaro da kalmominsa. Sai dai bayanin da ke biye da hirarrakin yana da nauyi ƙwarai, don haka ban ga dalilin tilasta wa kowane ɗalibi sayensa ba. Kwafi ɗaya a laburare ya isa, a ɗauko babi guda a karanta a aji.

Idan kuɗin littafi ɗaya ne ke hannu, to Children's Minds na Margaret Donaldson, na 1978, shi nake zaɓa. Ƙarami ne, harshensa a sarari, kuma ya kama wannan gwaji ya juya shi. Donaldson da abokin aikinta James McGarrigle sun sake yin gwajin maɓallan, amma maimakon babba ya baza layin da gangan, sai wata 'yar tsana mai ƙiriniya ta fito ta hargitsa shi kamar bisa kuskure. A wannan yanayi yara da yawa da suka faɗi a tsohon salon sun ce adadin yana nan yadda yake. Hujjar Donaldson ita ce yaro yana karanta nufin babba ne, ba kalmominsa kaɗai ba: idan babba ya taɓa abu da gangan sannan ya maimaita tambayar da aka riga aka amsa, yaro zai ɗauka ana son ya canza amsa. Ɗalibin da ya karanta wannan bayan ya karanta Piaget zai ga da idonsa yadda sakamako ɗaya ke ɗaukar fassara biyu. Aibin littafin shi ne shekarunsa, domin an yi ta muhawara a kan gwajin 'yar tsanar bayan fitowarsa, har wasu suka ce mai yiwuwa tsanar ta ɗauke hankalin yaran ne, ba su ma lura da canjin ba. Dole malami ya cike wannan giɓi da kansa.

Wajen Lev Vygotsky kuwa, masanin nan na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, matsalar ta bugun littattafansa ce, kuma a nan masu saye suka fi yin kuskure. Littafin da aka fi ambata, Mind in Society, ya fito a 1978, shekara 44 bayan rasuwarsa a 1934, kuma ba shi ya tsara shi a matsayin littafi ba. Editoci huɗu ne suka tattaro rubuce-rubucensa suka gyara su, kamar yadda suka bayyana a gabatarwarsu. Duk da haka littafin ya cancanci a saya domin babinsa na shida. A can ne ya kawo misalin yara biyu 'yan shekara goma da gwaji ya nuna kowannensu yana matakin ɗan shekara takwas idan yana aiki shi kaɗai, amma da aka taimaka musu sai ɗaya ya warware matsalolin ɗan shekara goma sha biyu, ɗayan kuma ya tsaya a na ɗan shekara tara. Wannan tazara tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya da taimako ita ce tambayar da gwajin maɓallan bai yi ba. Ɗayan littafin nasa, Thought and Language, yana da fassarar Turanci ta 1962 wadda aka taƙaita sosai, da bugun 1986 wanda Alex Kozulin ya gyara ya faɗaɗa. Sunan ɗaya ne, saboda haka a duba shekara da sunan edita kafin a biya, kuma a rubuta su a takardar darasin, in ba haka ba rabin aji zai nemi shafin da babu shi a kwafinsa.

Akwai kuma How Children Learn na John Holt, na 1967, wanda sunansa kan ja mutane su ɗauka shi ne littafin darasin. Abin da Holt, wanda malami ne, ya lura da shi ne a wurin yara ƙalilan, an rubuta shi da daɗin karatu, kuma yana koya wa ɗalibi haƙurin kallon yaro. Amma babu gwajin da za a maimaita a cikinsa, babu kuma kwatanci tsakanin rukunin yara, don haka wurinsa shi ne karatun mako na farko, ba madogarar hujja a jarrabawa ba.

Rahoton How People Learn, wanda bugunsa da aka faɗaɗa ya fito a 2000, da na biyunsa na 2018, ana iya sauke su kyauta daga National Academies Press ta Amurka, saboda haka kada a kashe kuɗi a kansu. Taƙaitawa ce ta kwamiti, tana da amfani wajen gano inda bincike ya kai, amma ba ta tsayawa kan gwaji ɗaya har ɗalibi ya ga cikinsa.

Saura manyan littattafan aji na nazarin girman yara, waɗanda ake sake bugawa bayan 'yan shekaru kaɗan da tsada. Kafin a sayi ɗaya, a je fihirisar ƙarshe a nemo Piaget, a buɗe shafin gwajin adadi. Idan an kawo hoton maɓallai da jerin matakai da shekaru kawai, ba a ambaci wanda ya ƙalubalanci sakamakon ba, a ajiye shi. Idan kuwa an kawo gwajin da sukar da aka yi masa da martanin da ya biyo baya, to bugun da ya gabaci na yanzu ma zai wadatar, tunda wannan babi ba ya canzawa sosai daga bugu zuwa bugu.