Riga ta asali da ta kwaikwayo: ki juya cikinta waje

"Salam 'yan uwa. Na ga wata doguwar riga mai ratsi a shafin mai zanenta, sai kuma na ga irinta sak a wani shagon intanet masu kayan yayi da araha. A hoto ban ga bambanci ba wallahi. Don Allah mene ne bambancinsu, kuma wacce zan ɗauka?"

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. A hoto ba za ki taɓa gani ba, domin hoton shi ne abin da suka kwafa. Masu irin waɗannan kayan sukan duba yadda riga ta fito a ido ne su fitar da zubi mai kama da ita cikin gaggawa. Abin da kyamara ta kama, launi da tsayi da siffar wuya, shi za su yi miki. Abin da bai fito a hoto ba kuwa, a nan ake rage kuɗi.

Ina da wata doguwar riga mai ratsin shuɗi da fari, ta asali ce, hannu na biyu na same ta. Na sa ta har na gaji, ƙanwata ta ara ta maido, har yau in na goge ta na saka sai wani ya tambaye ni ko sabuwa ce. Da jikina ya ɗan ƙaru, tela ya buɗe mini gefe ya saki, ta zauna kamar don ni aka yanka. Kwafinta ma ta taɓa shigowa gidanmu, ta yi kyau ranar farko, iyakar abin da zan ce ke nan.

Fara da yadin. Duba 'yar takardar da ke maƙale a ɗinkin gefe daga ciki, wadda ke faɗin abin da aka saƙa shi da shi. Tawa auduga ce, ratsin kuma a cikin saƙar yake, wato an rina zaren kafin a saƙa, shi ya sa in kin juya bayan yadin za ki ga ratsin nan daram kamar gaba. Ta kwaikwayon foliyesta ce, an buga mata ratsin a fuska ɗaya, bayanta fari fat, in kin ja yadin da yatsu sai ki ga farin yana leƙowa ta tsakanin launin. Ki ɗaga ta ki kalli haske, za ki hango hannunki ta ciki. Ga riƙe zafi, ga mannewa a ƙafa in ana iska busasshiya. Amma kada ki ɗauka duk foliyesta banza ce, akwai masu zane da ke amfani da mai nauyi da gangan, musamman in suna son tattara ta kama ta ƙi saki. Abin dubawa shi ne nauyi da cikar saƙa.

Inda na fi gane su shi ne yanka. Shimfiɗa rigar ki dubi ɗinkin gefe, inda gaba ya haɗu da baya. A ta asali, kowane ratsi yana tarar da ɗan uwansa, layin ya zagaye jiki bai karye ba, haka a kafaɗa, haka a bakin aljihu. Yin hakan yana cin yadi, don sai mai yanka ya matsar da kowane ɓangare har ya dace, ya zubar da abin da ya rage. Masana'antar da ke yanka ɗaruruwa a lokaci guda ba ta da wannan haƙurin, cusa ɓangarorin take yi duk inda suka shiga. Daga nan ake samun matsala ta biyu, wadda ba ta bayyana sai an wanke: in an yanka yadi a karkace, ba a bi miƙaƙƙen zarensa ba, ɗinkin gefe yakan murɗe ya dawo ta gaban cinya, ƙasan rigar ya yi tsayi a gefe ɗaya. Guga ba ya gyara wannan, tela ma ba ya iyawa. Sannan ki lura da faɗin ƙasa. Suna rage yadin, sai rigar da ya kamata ta zubo ta buɗe in kina tafiya ta tsaya miki cak.

Yanzu juya cikinta waje, nan ne gaskiya take. A tawa, an bar rarar yadi kusan santimita 1.5 a kowane ɗinki, an naɗe bakin an rufe shi, ba zare ko ɗaya da ke lilo. Wannan rarar ce ta ba tela damar saki. A kwafin, inji ɗaya ne ya ɗinke ya datse ya naɗe baki a tafiya guda, abin da ya rage bai kai faɗin farce ba, in ya ɓarke babu abin kamawa. Ki ɗora ma'auni a kan ɗinkin ki ƙirga: ɗinki mai kyau a irin wannan yadin yakan kai taku 10 zuwa 12 a inci ɗaya, na gaggawa yakan tsaya a 6 ko 7, don dogon taku ya fi saurin gamawa. In ba ma'auni a kusa, ki kama gefe biyu ki ja a hankali. In kin ga zaren ya bayyana kamar haƙora, hammata da mazaunai ne za su fara buɗewa.

Sauran ƙananan abubuwan ba sai na tsaya dogon bayani ba. Shafin ciki na ta asali ya sauka har ƙasa, an ɗinka shi daban yana motsi da kansa; na kwafin ko babu, ko ya tsaya a cinya. Zif ya ɓuya lumui a ɗinki ko ya yi tudu yana cizon yadi. Kalmasar ƙasa mai faɗi ce da ke ba riga nauyi, ko siririya mai nannaɗewa. Aljihu na gaske ne ko baki kawai aka ɗora.

Ba ki tambaya ba amma ki ji: akwai masu sayarwa marasa tsoron Allah da ke ɗauko hoton mai zanen su saka, su aiko miki da kwafi, wasu har tambarin mai zanen suke ɗinka mata a wuya. Kafin ki tura ko sisi, ki ce a ɗauko miki bidiyon rigar da ke hannunsu, a juya cikinta, a nuna ɗinkin gefe da bayan yadin da takardar nan. Wanda ya fara ce miki "ai duk kamfani ɗaya ne ke yi", ko ya sake turo hoton farko, ki bar masa kayansa.

Ki ɗauki ta asali. In kuɗin bai kai ba yanzu, ki nemi hannu na biyu mai tsabta, ko ki sayi yadi mai nauyi ki ba tela mai haƙuri ya yi miki wani ɗinki da ya dace da jikinki, ki gaya masa tun farko kina son ratsin ya haɗu a gefe kuma ya bar miki rara a ciki.