Jumia, Jiji ko WhatsApp: A Ina Kuɗin Kayanka Zai Fi Zuwa Cikakke?

Mai ɗinkin takalmin fata a Ringim ko Dambatta da ke son fara sayarwa ta intanet, kafin ya zaɓi dandali ya fara tambayar nawa zai shigo asusunsa bayan an gama yanke-yanke. Farashin da mai saye ya gani a waya daban, abin da alat zai nuna daban.

Manyan kasuwanni irin Jumia da Konga, waɗanda dukansu suka fara aiki a Legas a 2012, aikin dillali suke yi kamar na kasuwar Wudil: su kawo mai saye, su karɓi kuɗi, su cire la'adarsu, su ba ka saura. Kamashon ya danganta da nau'in kaya, kuma yana canzawa, don haka ka duba jadawalinsu na ranar da za ka sa farashi.

Mu yi lissafi da lambobin misali. A ce takalmi ɗaya ya tsaya maka naira 7,500, ka sa shi 12,000. A ce kamasho kashi 15 ne cikin ɗari, wato 1,800. Harajin VAT na kashi 7.5 a kan kamashon, 135. A ce rabonka na kuɗin aike 700 ne. Abin da ya rage 9,365. Ribar da ka ƙiyasta 4,500 ta dawo 1,865, ba a ma sa kwali da kuɗin motar zuwa Kano inda za ka ajiye musu kayan ba.

Dawo da kaya kuwa shi ne mai cizo. Ka sayar da ƙafa 20, kana ganin 240,000. Mutum uku suka ce lambar ba ta yi musu ba, suka mayar. An soke cinikin ukun, kuma idan ƙa'idar dandalin ba ta mayar da kuɗin aike, 2,100 ta tafi a banza. Sai ka tashi da 157,105, ga takalma uku suna jiranka a birni, wataƙila ɗaya an ɗan taka shi. Abin da ke rikita mutane, cirewar ba lallai ta fito a biyan da cinikin ya shiga ba. Takan fito a na gaba, bayan ka sayi fata da kuɗin. Idan ka ga biya ya yi ƙasa ba dalili, buɗe takardar lissafin shagonka ka bi lambar oda ɗaya bayan ɗaya. Layin da ke da alamar ragi da lambar tsohuwar oda, shi ne kayan da aka dawo da su.

Wasu sai su ce ai da sauƙi, a ƙara kashi 15 a farashi. Ba ya cikewa, domin kamashon ma yana hawa kan abin da ka ƙara. Ka sa 13,800, abin da zai zo 10,875 ne. Mai son 12,000 cif a hannu sai ya sa kusan 15,200, sannan ya duba ko maƙwabtansa a shafin ba 11,000 suke sayarwa ba.

Jiji wani tsari ne daban. Allon talla ne, ba ya shiga tsakanin kuɗinku, saboda haka babu kamasho a kan ciniki, sai dai in ka biya a ɗaga tallarka sama. Amma ciniki, aike da rigima duk naka ne, kuma masu kira su taya su ɓace ba su da iyaka.

WhatsApp da tasha su ne hanyar da yawancinmu muka saba. Mai saye ya turo kuɗi, ka kai kaya tasha, ka ba shi lambar direba, shi ya biya kuɗin mota. Naira 12,000 ɗinka tana zuwa ba ragi. Iyakarta ita ce wanda bai san ka ba ba zai yarda ya biya tukuna ba, kuma in kwali ya ɓace tsakanin Hadejia da Abuja, babu ofishin da za ka kai ƙara sai shugaban tasha.

Ni a ganina nau'in kayan ne ke yanke hukunci. Abin da ake gwadawa a jiki, takalmi da hula da ɗinkakkiyar riga, ya fi dacewa da WhatsApp, inda za ka ce mutum ya auna ƙafarsa da awon tela ya turo hoto kafin ka ɗaure kaya. Abin da ba shi da lamba kuma ba shi da nauyi, irin jakar fata, lalita ko turaren wuta a kwalba mai ƙarfi, zai iya ɗaukar kamashon babbar kasuwa, muddin ribarsa ta haura kashi ɗaya cikin uku na farashi kuma kana da ɗan'uwa a Kano da zai riƙa kai oda a kan lokaci, don odar da aka soke saboda jinkiri ita ma tana iya jawo tara.